Yadda Nas Ko Ungozoma Za Ta Tantance Takardunta Don Aiki A Saudiyya

Tun zuwana Jidda, tambayar da 'yan'uwa daga gida suka fi yi mini ita ce ta jarrabawar samun lasisin aiki a nan. Ni kuwa a ganina ba jarrabawa ke tsayar da mutane ba, tantance takardu ne.

Ki fara da shimfiɗa takardunki a tabarma: fasfo, satifiket ɗin makaranta da takardar sakamakon darussa, lasisin majalisar nas da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, da wasiƙar asibitin da kike aiki mai nuna ranar da kika fara. Ki duba sunanki harafi bayan harafi. Wata abokiyar aikina a fasfo Maryam Muhammad ce, a lasisi kuma Mariam Mohammed, a wasiƙar asibiti ga sunan miji. Sai da ta yi takardar rantsuwa a kotu, ta haɗa da shaidar aure, kafin aka karɓa cewa duk mutum ɗaya ce. Ki gyara wannan kafin ki biya ko sisi.

Daga nan sai DataFlow. Shi ne kamfanin da hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, SCFHS, ke amfani da rahotonsa. Hoton takarda ba ya isarsa, yana tuntuɓar makarantarki da majalisa da asibitinki kai tsaye, ya tambaya ko su suka ba ki. Nan ake shan wahala. In saƙon ya shiga imel ɗin da babu mai buɗewa, rahotonki zai iya fitowa da "Unable to Verify". Ba a ce takardar jabu ba ce, amma aiki ya tsaya. Don haka ki taka da ƙafarki zuwa ofishin magatakarda, ki san wanda ke amsa irin wannan saƙo, ki karɓi imel mai aiki, ki riƙa leƙawa. Ni sai da na yi sawu uku.

Takardar shaidar cewa lasisinki ba shi da tabo, kada ki yi gaggawar nemanta. Tana tsufa cikin 'yan watanni, in kika karɓa da wuri za ta mutu a hannunki kafin a buƙace ta.

In rahoto ya fito lafiya, ki buɗe shafi a Mumaris Plus, dandalin intanet na SCFHS, ki nemi a ba ki matsayi. Mai difloma da mai digiri ba aji ɗaya ake sa su ba. Za a ba ki lambar cancanta, da ita za ki kama gurbin jarrabawa a Prometric, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar.

Cikakkiyar rajista kuma sai kin sauka, asibitin da ya ɗauke ki ya fitar miki da igama, sannan ki koma Mumaris Plus ki ƙarasa.