Kayan da ya kamata ku ƙirga kowane mako

Assalamu alaikum 'yan uwa masu shagon provishan a Gombe. Ku daina ba ashana da buhun shinkafa kulawa iri ɗaya. Akwai tsarin da ake kira ABC: ka ɗauki kowane kaya, ka ninka adadin da ke fita a shekara da kuɗin sarinsa, sannan ka jera daga mai tsoka zuwa ƙasa.

Misali, a shago mai kaya iri 100, za ka tarar kamar iri 20 ne ke cin kusan kashi 80 na kuɗin: shinkafa, man gyaɗa, sukari, madara. Su ne rukunin A. Ka ƙirga su duk ranar Juma'a da hannunka, makullin sito a aljihunka. Na B, wato na tsakiyar jerin, sau ɗaya a wata ya isa, na C kuwa, wato na can ƙasan jerin, sai bayan wata uku.

Inda ake kuskure shi ne kallon farashi kaɗai. Magi ba shi da tsada, amma in katan-katan yake fita kullum, to ya shiga A. Kuma kafin azumi ku sake lissafin, don sukari da gero kan canza matsayi.