Yadda ake kawar da ragowar kuskure da saita PID a injin ƙyanƙyasar ƙwai

Ragowar kuskure ita ce tazarar da ke tsakanin abin da ka nema da abin da na'ura ta ba ka bayan komai ya lafa. A littafi ana rubuta ta e_ss. Za mu bi ta a injin ƙyanƙyasar ƙwai wanda ake so zafinsa ya tsaya a digiri 37.5, alhali ɗakin da yake ciki yana digiri 27.5, wato aikin hita ta ƙara digiri 10. Kontirolar PID, mai sassa uku, P, I da D, ita ce za ta riƙa tsara wutar da hita ke samu. Lambobin na misali ne, naka injin zai ba ka nasa.

Mataki na farko: auna injin kafin ka taɓa kontirola

Cire kontirola daga hanya, ka ba hita kashi 20 cikin 100 na ƙarfinta, ka riƙa rubuta zafi kowane sakan har ya daina hawa. A ce ya tsaya a 37.5. To kashi 20 sun kawo digiri 10, saboda haka K = 10/20 = 0.5. Za ka lura sensa ba ta motsa ba sai bayan sakan 30. Wannan jinkirin shi ne L. Daga nan nemo lokacin da zafi ya ci kashi 63 na hawansa, wato ya kai 33.8. Idan a sakan na 330 ne, cire jinkirin, τ = 300. Injin naka ke nan a takarda:

G(s) = 0.5·e^(−30s) / (300s + 1)

Mataki na biyu: gwada P kaɗai

Sa Kp = 8, wato lambar da P ke ninka kuskure da ita. Lissafi ya ce e_ss = 10/(1 + K·Kp) = 10/5 = 2, zafi zai maƙale a 35.5. Ɗalibai da yawa suna haddace wannan ba su ga dalilinsa ba, ga shi kuwa a fili. Kontirolar P tana ba hita wuta daidai gwargwadon kuskure. Kuskuren digiri 2 sau 8 ya ba da kashi 16, kashi 16 kuma suna ɗaga zafi da digiri 8, an koma 35.5 ɗin. Da kuskuren zai zama sifili, da hita ta mutu, injin ya huce. Ashe sai da kuskure hita ke samun abin ci.

Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne ƙara Kp. A 18 kuskure ya dawo digiri 1. Amma jinkirin nan na sakan 30 ya sa iyaka: da Kp ya kai wajen 33, zafi zai shiga lilo, sama da ƙasa, kowane zagaye kusan sakan 115, ba ya tsayawa. Ko a bakin wannan iyakar saura wajen digiri 0.6. P kaɗai ba za ta kai ka ba.

A kula da tarkon jarrabawa a nan. Lissafin e_ss ya fito ne daga lim s·E(s) yayin da s ke zuwa sifili, kuma yana aiki ne kawai idan tsarin mai lafawa ne. Ka sa Kp = 50, takarda za ta ba ka 0.38 lafiya lau, alhali injin yana ta lilo. Tabbatar tsarin yana lafawa tukuna, sannan ka yi lissafin.

Mataki na uku: ƙara I

Sashen I yana tara kuskure a kan lokaci. Muddin akwai saura, ko kaɗan ne, tarin yana ƙaruwa, wutar hita tana hawa. Ba zai tsaya ba sai kuskure ya zama sifili, a lokacin kuma tarin da kansa ne ke riƙe da kashi 20 da hita ke buƙata. Idan dare ya yi ɗakin ya huce zuwa 22.5, tarin zai hau zuwa kashi 30 ba tare da ka taɓa komai ba.

Wace lamba za a sa? Ziegler da Nichols sun fitar da ƙa'idarsu a 1942. Ga PI sun ce Kp = 0.9τ/(K·L) da lokacin tarawa Ti = L/0.3, wato 18 da sakan 100 a injinmu. Ƙa'idar tana da zafin nama: an tsara ta ne kowane lilo ya zama rubu'in wanda ya gabace shi, don haka zafi zai zarce 37.5 kafin ya dawo. A ganina ba ta dace da ƙwai ba, domin hita tana iya dumamawa amma ba ta iya sanyayawa, duk abin da ya zarce sai ka jira ya huce da kansa. Na fi son ƙa'idar Skogestad ta 2003, wadda a saitinta na yau da kullum take ba da Kp = τ/(2·K·L) = 10, Ti kuma wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin τ da 8L, wato sakan 240. Fara da waɗannan.

Sai ka duba zanen zafin. Idan ya zo kusa da 37.5 da sauri sannan ya riƙa jan ƙafa, I ta yi rauni, rage Ti. Idan yana lilo mai kama da na sakan 115, Kp ne ya yi yawa. Lilon da ya fi haka tsawo sosai yawanci I ce ta yi ƙarfi, ƙara Ti. Canza abu ɗaya a lokaci guda, kuma ka ba shi kamar minti 20 kafin ka yanke hukunci.

Mataki na huɗu: hana tarin wuce kima

Da Kp = 18, farkon kunnawa kontirola tana neman kashi 180, hita kuwa 100 ce iyakarta. Duk lokacin da hita take a ƙurewa I tana ta tarawa a banza, sai zafi ya wuce 37.5 kafin tarin ya fara sauka. Haka ma idan an buɗe ƙofa don juya ƙwai. Maganin shi ne a daina tarawa idan hita ta ƙure. A nan r shi ne zafin da ake so, y kuma wanda sensa ta karanta:

```
e = r - y
u = Kp*e + I
if 0 < u < 100:
    I += Kp/Ti * e * dt
u = min(max(u, 0), 100)
```

Mataki na biyar: D, in har ana buƙatarta

D tana duba saurin canjin zafi ta taka burki tun da wuri. Ziegler da Nichols za su ba ka Kp = 24, Ti = 60, Td = 15. Amma dubi sensar DS18B20 da ɗalibai suka saba sawa: tana hawa ne mataki-mataki na digiri 0.0625. Idan kana karantawa kowane sakan, mataki guda zai fizgi hita da 24 × 15 × 0.0625, wato kashi 22.5, alhali zafi kusan bai canza ba. In dole sai ka sa D, tace siginar tukuna, kuma ka lissafa ta daga abin da sensa ta karanta maimakon daga kuskure, don kada canza saiti ya sa hita ta zabura. A irin wannan injin PI ta wadatar.

Ko bayan allon ya nuna 37.5 daram, sa wani ma'aunin zafi amintacce kusa da ƙwan. I tana kawar da kuskuren da sensa ta gani ne kawai: sensar da ke ƙara rabin digiri za ta bar ƙwai a 37.0. A watan Afrilu kuma, ranar da ɗaki ya kai digiri 40, babu Kp ko Ti da zai sauko da zafi, sai an samar da hanyar sanyaya injin.