Kurakuran da aka fi yi wajen rage labari ya dace da daƙiƙoƙin da aka ba shi a rediyo

Edita ya ce labarinka na da daƙiƙa 30, ka ƙirga kalmomi ka ga daidai, amma da aka karanta shi a iska ya cinye 40. Yawanci ɓarnar daga wurin awo take farawa, tun kafin a ɗauki biro a fara yanka.

Kuskuren farko shi ne aron ma'aunin Turanci. A ɗakunan labarai na Turanci ana lissafa kalma uku a daƙiƙa ɗaya, sai wasu su ɗauko wannan su ɗora wa Hausa. Hausa cike take da gajerun kalmomi irin su da, a, ya, ta, waɗanda baki ke wucewa da sauri, ga kuma dogayen wasula da baƙaƙe masu ƙarfi da ba su yarda a gaggauta su ba. Kowane mai karatu ma da irin tafiyarsa. Gyaran shi ne ka auna wanda zai karanta labarin. Ba shi tsohon rubutun labarai, ka kunna agogon waya, ya karanta da murya kamar yana gaban makirfo har minti ɗaya, sannan ka ƙirga kalmomin da ya furta. A yi haka sau uku a ɗauki tsaka-tsaki. In ya kai kalma 150, saurinsa kalma biyu da rabi ke nan a daƙiƙa, kuma da wannan za ka riƙa yi masa lissafi. Karatun zuci ko na raɗa ba awo ba ne, don ido ba ya numfashi kuma ba ya tsayawa a kan aya.

Na biyu, yarda da ƙirgar kwamfuta. Ita duk abin da ke tsakanin sarari biyu kalma ɗaya ce a wurinta. Shekarar 2024 ta ƙirga ta ɗaya, alhali baki zai ce dubu biyu da ashirin da huɗu, kalma shida. Haka SAW a takarda: mai karatu a Sakkwato zai cika salatin ne, kuma haka ya dace. Saboda haka a rubutun da za a karanta, rubuta lambobi da gajerce-gajerce yadda za a furta su kafin ka ƙirga. Sarauta ma tana da nata lokacin. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar na uku kalma goma ce, daƙiƙa huɗu ga mai karatunmu. Ba a taɓa wannan a ambaton farko. A na biyu ne ake cewa Sarkin Musulmi kawai.

Na uku, ɗaukar dukkan daƙiƙoƙin a matsayin na rubutu. In labarin na da muryar wanda aka zanta da shi, tsawonta ake fara cirewa, tare da ɗan shirun da ke gabanta da bayanta. Ga labarin gwaji da muka ƙirƙira don misali. An ba shi daƙiƙa 30, muryar ta ci 12, shiga da fita sun ci biyu, saura 16. Ga mai kalma biyu da rabi, kalma 40 ke nan. Abin da wakili ya aiko kuwa shi ne:

"Wata ƙungiyar manoman albasa da ke ƙaramar hukumar Goronyo a jihar Sakkwato ta yi kira ga hukumomin da abin ya shafa da su taimaka su samar wa manoma rumbunan ajiya na zamani. Shugaban ƙungiyar ne ya bayyana hakan a lokacin da yake zantawa da manema labarai jiya Talata, inda ya ce manoma sun yi asarar buhu 2,985 a bana sakamakon ruɓewa. Ya ƙara da cewa lamarin abin takaici ne."

Kwamfuta za ta ce kalma 69. Lambar nan kaɗai kalma tara ce a baki, don haka gaskiyar ƙirgar 77 ce, kusan daƙiƙa 31. Dole kalma 37 su fita.

A nan ne ake kuskuren da ya fi ɓata labari, wato tsintar kalmomi ɗai-ɗai daga kowace jimla. Mutum ya cire "da" nan, ya cire "ne" can, ya yi ta fama bai samu daƙiƙa uku ba, Hausar kuma ta gurgunce. Da babba ake farawa. Jimlar ƙarshe ta tafi gaba ɗaya, kalma takwas, don takaicin shugaban zai fito a muryarsa, kuma duk abin da murya za ta faɗa bai kamata mai karatu ya riga ta faɗa ba. Sai abin da mai sauraro ya riga ya sani: wanda ke jin tashar Sakkwato ba ya bukatar a gaya masa jihar da Goronyo take, kuma jiya ta wadatar ba sai an ce Talata ba. Sai doguwar hanyar ɗakin labarai, irin "ya bayyana hakan a lokacin da yake zantawa da", wadda "ya shaida wa" ke maye gurbinta. Lambar kuma a dunƙule ta, tunda kunne ba ya riƙe 2,985. Ga yadda ya koma, an kuma dawo da asarar gaba don ita ce labarin:

"Wata ƙungiyar manoman albasa a ƙaramar hukumar Goronyo ta ce manoma sun yi asarar buhu kusan dubu uku bana sakamakon ruɓewa. Shugabanta ya shaida wa manema labarai jiya cewa suna roƙon hukumomi su samar musu da rumbunan ajiya na zamani."

Kalma 40 cif. A lura da abin da ba a taɓa ba. "Ta ce" na nan, domin in ta fita, tashar ce ta ƙirga buhunan da kanta. "Kusan" na nan, domin ba tare da ita ba lambar ta zama ƙarya. Haka "ake zargi" da "in ji" a labarin kotu ko na 'yan sanda, ko daƙiƙa nawa ake nema ba a cire su. A kula kuma da "ba" ta biyu ta korewa, wadda ke zama a wutsiyar jimla, daidai inda mai gaggawa ke datsewa. Ba a dunƙule adadin waɗanda suka rasu ko na ƙuri'u. In irin wannan lamba ta yi tsawo, a nemi lokacin a wata jimlar.

Wasu in labari ya zarce sai su ce wa mai karatu ya ƙara sauri. Daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai ake samu ta nan, kuma Hausa ba ta jure hakan, don tsawon wasali da karin sauti ne ke raba ma'anonin kalmomi da yawa. Ana gane an matsa wa mai karatu in ya fara haɗiye ƙarshen kalmomi ko yana jan numfashi a tsakiyar jimla. Abin da ya fi shi ne a gina labarin yadda jimlar ƙarshe za ta iya faɗuwa ba tare da an ji giɓi ba, a sa mata baka da biro, a rubuta daƙiƙoƙinta a gefe. In lokaci ya ƙure a situdiyo, ya tsallake ta.

Akwai kuma kuskuren tara lokaci. Minti 1:40 da daƙiƙa 35 in aka buga su a kalkuleta kamar kuɗi, 1.75 za su ba da, alhali 2:15 ne. A mayar da komai daƙiƙa: 100 da 35, 135. Labaran minti biyar daƙiƙa 300 ne. In take ya ci 10, kanun labarai 25, sallama 15, labaran kansu 250 suka samu, ita ake rabawa. Bayan an gama yanka, wanda zai karanta ya sake karantawa da murya da agogo a hannu, a rubuta adadin da agogon ya nuna a saman takardar, shi ne zai shiga lissafin.