Kada ka yanka farashin fassara kafin ka ga takarda

Kuskuren da ya fi cin sababbin masu fassara tsakanin Hausa da Turanci shi ne yanka farashi ta waya. Mutum ya kira ya ce yana da ɗan aiki, shafi goma ne kacal, nawa za ka karɓa? Kai kuma don gudun kada aikin ya kuɓuce, nan take ka ce naira 20,000. Sai takarda ta iso ka tarar tambayoyin binciken lafiya ne, an matse rubutu, kalma 4,200.

Mu yi lissafin. A ce kana fassara kalma 250 a awa ɗaya idan rubutun na da kalmomin asibiti da sai ka bincika. Kusan awa 17 ke nan, ga bita ta awa uku, jimilla 20. Ka sayar da kowace awa a kan naira 1,000, ba a cire data da cajin kwamfuta ba. Mai aikin gwamnati ko ɗalibi da ke samun awa biyu da dare zai kwana goma a kai. Da ka fara daga abin da kake so awarka ta kawo, a ce naira 2,500, da kuɗin ya kama 50,000, wato kusan naira 12 a kowace kalma. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai. Naka za ka samo su ta hanyar ɗaukar rubutu mai kalma 500, ka duba agogo, ka fassara shi har ya kai yadda za ka iya miƙawa.

Saboda haka ka ce a turo takardar tukuna, ka buɗe ta a Word ka ga adadin kalmomi. Shafi ba ma'auni ba ne, wani kalma 200 ne, wani 600. Kuma a yi ciniki a kan kalmomin takardar asali, domin su ne kowa ke gani tun farko. Hausa takan fi Turanci yawan kalmomi idan an fassara, kalma ɗaya ta likitanci sai ta zama jimla guda, kuma idan ka bari sai an gama a ƙirga, mai aiki zai zaci ka ja magana ne don kuɗi. Takardar da aka ɗauka hoto ko aka rubuta da hannu tana da ƙarin kuɗi, haka aikin gaggawa. Ƙaramin aiki kamar wasiƙa mai layi takwas ka sa masa mafi ƙarancin kuɗin da ba ka sauka ƙasa da shi.

Wajen neman masu ba da aiki, da yawa suna buɗe shafi a dandalin neman aiki na intanet irin su Upwork ko ProZ su zauna jira. Ba laifi a buɗe, amma wanda ba shi da shaidar aiki ko ɗaya da wuya a zaɓe shi a can. Aikin farko ya fi zuwa daga kusa: ƙungiyoyin lafiya da na agaji masu buƙatar takardun wayar da kai, masu bincike a jami'a da suka naɗi hira da Hausa, gidajen rediyo, maɗaba'u. Ka je musu da samfuri biyu gajeru a fannin da ka sani, Turanci a gefe, Hausa a gefe. Aikin sa kai a ƙungiyar fassara ta agaji Translators without Borders ma yana ba mutum abin nunawa. Idan an nemi gwaji kyauta, kalma 200 zuwa 300 ta isa. Wanda ya turo shafi shida da sunan gwaji, aikinsa yake so a yi masa a banza.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne a sami aiki a ɓata shi da rubutu. Wanda ya rubuta kasa a wurin ƙasa, ko bata a wurin ɓata, ya canza ma'ana, kuma mai bita zai gani tun a layin farko. Ka tambaya ma su wa za su karanta, domin a Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kalmomin aro na can kuma yawanci daga Faransanci suke.

Kafin ka taɓa aiki, ka tura saƙo a rubuce mai ɗauke da adadin kalmomi, kuɗi, ranar miƙawa da cewa gyara sau ɗaya ne a cikin kuɗin. Sabon mutum ya ba da rabi kafin alƙalami. Ƙungiyoyi da kamfanoni sukan biya ne bayan kwana 30 ko fiye da miƙa takardar neman biya, don haka ka tambayi ranar tun farko, ka kuma karɓi takardar ba da aiki daga ofishinsu.