In ɗan kasuwa ya ce "ina ribar take?", ga dabara

'Yan uwa masu riƙe wa mutane lissafi a Jidda, kar ku fara da takardar riba, ku fassara masa takardar shige da ficen kuɗi da Hausa, layi layi.

Haka na yi wa wani Alhaji mai shagon abaya a Bab Sharif. Ribar wata riyal 8,000, amma aljihun tebur ƙarin 1,500 kawai, har ya fara zargin yaron shago.

Na ce Alhaji duba nan. Kayan da ka ba 'yan Kano bashi, 4,000, ranar da suka ɗauka aka rubuta ciniki amma kuɗin bai shigo ba. Sabon kayan da ka ƙaro don Ramadan 3,500, kuɗi ya fita, ga shi can jibge a sito. Sai 1,000 da dila ke binka, wannan a hannunka yake amma fa ba naka ba ne.

8,000 cire 4,000 cire 3,500 ƙara 1,000. Da kansa ya danna kalkuleta, 1,500.

Dabarar tana aiki ne don kowane layi abu ne da zai iya nunawa da yatsa.

Amma in mutum yana zarar kuɗin cefane a shago ba ya rubutawa, wallahi lissafin ba zai haɗu ba, sai kun fara tono wannan tukuna.