Yadda ake mayar da ayikon ɗin kwamfuta mazauninsu bayan firojekta ta cunkushe su

Wata ƙanwata da ke aiki a Garki ta kira ni ranta a ɓace. Ta kai laftof ɗinta ɗakin taro, aka jona mata firojekta, aka yi taro aka watse. Da ta dawo ofis ta buɗe, sai ta tarar duk ayikon ɗin da ta jera a fuskar kwamfutar sun tattaru a gefen hagu. Folda-foldan albashi da ta saba ajiyewa can kusurwar dama sun cakuɗe da takardun wasiƙu. Ta ce, “Yaya, ko bairos ne ya shiga?” Na ce mata ba bairos ba ne, kuma ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Filin ne ya ƙanƙance.

Ga abin da ke faruwa. Windows ba ya ajiye ayikon a ko'ina haka kawai, akwai wasu gidaje da ido ba ya gani, jere-jere kamar gidajen dara, kowane ayikon da gidansa. Faɗin gida ɗaya kusan fikzel 75 ne idan ba a taɓa saitin ba. Sikirin ɗinta 1920x1080 ne, wato yana ɗaukar layi kusan 25 daga hagu zuwa dama. Firojektar kuwa tsohuwa ce mai 1024x768, layi 13 kacal take ɗauka. Da aka sa hoto iri ɗaya ya fito a sikirin biyun, dole laftof ya sauko zuwa abin da firojektar za ta iya. Duk ayikon da ke zaune daga layi na 14 zuwa gaba ya rasa gidansa, sai Windows ya tura shi inda ya ga sarari. Da aka cire waya fili ya dawo, amma ba kullum ayikon ke komawa da kansu ba.

Ga matakan da na ba ta. Mataki na farko, kada ki taɓa ayikon ko ɗaya tukuna. Nan ne mutane ke ƙara ɓata lamarin: suna fara ja suna jerawa alhali sikirin bai koma girmansa ba, sai Windows ya riƙe wannan sabon jerin. Fara duba rizolushan, wato lambar girman sikirin irin 1920x1080. Danna maɓallin dama na linzami a inda babu komai, ki zaɓi Display settings, ki gangara zuwa Display resolution, ki tabbatar yana kan wanda aka rubuta wa Recommended. Ki duba Scale ma da ke kusa da shi, domin shi ma yana cin fili. Sikirin 1920 da aka sa wa 150% daidai yake da mai faɗin 1280, layi 17 ke nan maimakon 25, ko da lambar rizolushan ba ta canza ba.

Idan kika buɗe jerin rizolushan kika ga babu babbar lambar da kika saba gani, matsalar ta wuce firojekta. Danna Win+R ki rubuta:

```
devmgmt.msc
```

A ƙarƙashin Display adapters, in kika ga Microsoft Basic Display Adapter, to direban hoton kwamfutar ne babu ko ya lalace, kuma sai an sa na ainihi kafin wani gyara ya zauna.

Mataki na biyu, danna dama a fuskar kwamfutar, ki shiga View. Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikitawa. Auto arrange icons yana kwashe komai ya jera daga saman hagu zuwa ƙasa ba tare da barin giɓi ba, kuma in kika ja ayikon zuwa dama zai dawo da shi cikin jerin. Muddin akwai alama a kansa, ba ki da wani tsari naki da za a ajiye. Cire alamar. Align icons to grid kuwa ki bar shi a kunne. Shi ba ya hana ki ajiye ayikon a ɓangaren da kike so, yana dai gyara masa zama a gidan da ya fi kusa, don kada wani ya hau kan wani. Ni ban ga amfanin kashe shi ba. A nan cikin View ɗin ki tabbatar girman ayikon bai canza ba, don riƙe Ctrl da murza tayar linzami bisa kuskure yana ƙara musu girma, gidajen su faɗaɗa, jeri ya rushe.

Yanzu ki jera su yadda kike so, sannan ki danna F5 a kan fuskar kwamfutar, in da hali ki yi Sign out ki sake shiga. Windows yana rubuta mazaunin ayikon a cikin rajistarsa, kuma fita ta ƙa'ida na ba shi damar rubutawa. Kwamfutar tebur da aka ɗauke wa wuta tana tsaka da aiki takan tashi da tsohon jeri saboda haka.

Sai mataki na uku, wanda shi ne ainihin maganin: ajiye tsarin da kanki. Windows ba shi da maɓallin da za ki danna ya adana jerin ayikon, don haka ake amfani da ƙaramar manhaja. DesktopOK kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tana aiki ko ba a girka ta ba. Ki buɗe ta lokacin da komai ke zaune daidai, ki danna Save, za ki ga sabon layi ya fito ɗauke da rizolushan da lokacin da kika ajiye. Duk ranar da aka hargitsa, ki zaɓi layin ki danna Restore. Akwai ReIcon ma mai irin wannan aikin. A kwamfutar ofis ki nemi izinin masu kula da na'urori kafin ki sauke.

Abu biyu ki sani game da DesktopOK. Mazauni kawai take ajiyewa, ba fayil ba, don haka abin da aka goge ba za ta dawo da shi ba. Kuma ki mayar da rizolushan kafin ki danna Restore. In kika danna shi alhali sikirin na kan 1024x768, gidajen da take nema babu su, cunkoson zai sake dawowa. Mai jona laftof da babban sikirin a ofis ya ajiye tsari biyu, ɗaya da sikirin ɗin, ɗaya ba shi, domin duk lokacin da aka cire waya, wani sa'in ma ɗauke wuta kawai, ayikon na iya tattarowa kan laftof.

Ranar taro kuma, da zarar an jona firojekta ki danna Win+P ki zaɓi Extend maimakon Duplicate. Da Extend kowane sikirin na riƙe girmansa, laftof ya zauna a 1920x1080, firojekta ta zama ƙarin fili a gefe inda za ki ja abin da kike son nunawa. Windows kan tuna zaɓin idan an sake jona wannan firojektar. Ki dai leƙa Display settings ki tabbatar sikirin ɗin laftof ne ke da alamar Make this my main display, don in firojekta ce ta ɗauke ta, ayikon ɗinki kaf can za su koma kan bango jama'a na kallo.