Yadda ake zaɓar launin zanen alƙaluma don wanda ba ya bambance ja da kore

A ce an ba ka farashin gero da masara da wake na wata 12 daga kasuwar Dawanau, aka ce ka fito da shi a zanen layi uku don taron ƙungiya. Hannu yakan tafi kan ja da kore, a ƙara da shuɗi. A wurin taron kuwa za a iya samun wanda layin ja da na kore duk ruwan ƙasa-ƙasa suke a idonsa, da zarar sun gitta juna bai san wanne ne gero ba.

Wannan rashin bambance ja da kore abin gado ne, kuma maza ya fi kamawa. A cikin Turawa yakan kai namiji 1 cikin 12, mace 1 cikin 200. A Afirka bai kai haka ba, amma akwai shi. Ido yana da ƙwayoyin ganin launi iri uku. Idan na ja ko na kore suka yi rauni, ja da kore da ruwan ƙasa sai su cakuɗe, shuɗi ma ya yi kama da shunayya. Abu biyu ne ba sa ɓacewa: bambancin shuɗi da ruwan ɗorawa, da bambancin haske da duhu. A kan waɗannan biyun za ka ɗora aikinka.

Da farko ka ɗauki launi daga jerin da Masataka Okabe da Kei Ito, masana daga Japan, suka tsara don wannan matsalar. Launi 8 ne, uku sun ishe mu: shuɗi 0072B2 na gero, ruwan lemo E69F00 na masara, baƙi 000000 na wake. A Excel ka danna layin da maɓallin dama, ka shiga Format Data Series, ka buɗe launin layin, sai More Colors, sannan Custom, ka rubuta lambar a gurbin Hex. Tsohon Excel ba shi da wannan gurbin, sai ka cika Red, Green da Blue da hannu: shuɗin 0, 114, 178 ne, ruwan lemon kuma 230, 159, 0.

Dalilin zaɓar waɗannan ukun shi ne haskensu ya sha bamban: baƙi duhu, shuɗi tsakiya, ruwan lemo haske. Nan ne mutane ke tuntuɓe, suna zaton duk abin da ke cikin jerin ana iya gwama shi yadda aka ga dama. Koren jerin, 009E73, da jansa, D55E00, an karkatar da su yadda za a iya bambance su a allo, amma haskensu kusan ɗaya ne. Ka kai takardar shagon hoto a gurza maka kwafi baƙi da fari, su biyun za su fito toka iri guda. Tunda akan raba rahoto a taro a irin wannan kwafin, ni ba na haɗa su a zane ɗaya.

Sai mataki na gaba, kada launi ya ɗauki nauyin shi kaɗai. Goge akwatin bayanin da ke gefe, ka rubuta "gero" a ƙarshen layin gero, haka sauran. Ɗan murabba'in launi da ke cikin akwatin ya yi ƙanƙanta, kuma launi ya fi wuyar ganewa a ƙaramin wuri. Ka ƙara wa layukan kauri, ka mayar da ɗaya mai tsinke-tsinke. In ana son nuna hauhawa da faɗuwar farashi, shuɗi da ruwan lemo su maye gurbin kore da ja, a sa alamar + da − a gaban lambar. Jan rubutu a kan baƙin bango kuwa a bar shi sam, domin mai raunin ganin ja duhu yake ganinsa.

Daga nan sai gwaji. Ka buɗe hoton zanen a Chrome, ka danna F12, ka nemo Rendering, a ƙarƙashin Emulate vision deficiencies ka zaɓi Deuteranopia mai kwaikwayon idon da ba ya ganin kore, sannan Protanopia na wanda ba ya ganin ja, sannan Achromatopsia wanda ke cire launi gaba ɗaya. A kowanne ka bi layin gero da yatsa daga Janairu zuwa Disamba. Idan ka ɓace a mahaɗar layuka, ka ƙara wa ɗaya duhu ko ka sauya masa siffa.

Dabarar tana da iyaka. In aka ƙaro dawa da shinkafa da gyaɗa da riɗi, layi bakwai ke nan, ko mai lafiyayyen ido zai ruɗe. Sai ka raba su ƙananan zanuka, ko ka bar wanda ake magana a kansa da shuɗi mai kauri, sauran duk ruwan toka.